Raba babin sakamako: kowane jadawali a nema masa gidansa

*Malam, barka da aiki. Ni ɗalibar dokta ce a fannin noma nan Maradi, ina aiki a kan ajiyar wake a buhun nan mai ninki uku. Babi na huɗu, na sakamako, ya kai shafi 96 da jadawali 31. Tambayoyin bincikena uku ne: su wa ke amfani da buhun kuma me ke hana sauran, iya yaya yake rage ɓarnar ƙwari, kuma ko ajiyar na kawo wa manomi riba. Na yi wa manoma 240 tambayoyi, na yi gwajin ajiya na wata shida, na kuma bi farashi a kasuwanni. Malamin da ke duba aikina ya ce in raba babin uku. Ta ina zan fara?*

Ƙanwata, barka kadai, Allah ya sa albarka. Shawarar malaminki daidai ce, sai dai kada ki taɓa kwamfuta tukuna. Aikin farko da takarda da biro ake yin sa.

Akwai rami ɗaya da nake so ki kauce masa tun daga farko, don kusan duk ɗalibin da na gani a wannan mataki nan yake faɗawa. Kina da tambayoyi uku, kina kuma da hanyoyin tara bayani uku, sai zuciya ta raya miki cewa kowace hanya ita ce babi: babin hira da manoma, babin gwaji, babin farashi. Da gani abin ya yi kyau, kuma ina kyautata zaton a haka ma babin naki yake jere yanzu, domin mutum kan rubuta sakamako ne bisa yadda ya tara shi. Amma dubi tambayarki ta uku, ta riba. Kafin ki ce ajiya ta biya manomi ko ba ta biya shi ba, kina bukatar sanin nawa ya sayi buhun da sau nawa yake maimaita shi, wannan daga bakin manoma ya fito. Kina bukatar sanin yawan waken da ya tsira bayan wata shida, wannan daga gwaji ya fito. Sannan kina bukatar bambancin kuɗin tiya tsakanin kaka da bazara, wannan daga kasuwa ya fito. Idan kin raba bisa hanyar tara bayani, amsar tambaya ɗaya ta watsu cikin babi uku ke nan, babu inda mai karatu zai ɗora yatsa ya ce ga ta. Kin yanka shafi 96 gida uku, amma matsalar tana nan yadda take. Don haka tambaya ita ce mai babi. Takardar hira, sikeli da littafin farashi ƴan aiki ne, duk babin da ya kira su nan za su je.

To, ga yadda za ki yi. Ki samu manyan takardu uku, ki rubuta tambaya ɗaya a saman kowace, kalma da kalma kamar yadda take a gabatarwar kundinki. A ƙarƙashin kowace tambaya ki rubuta amsarta a jimla biyu, ko uku idan ta kama, da lambobinki a ciki: buhun ya rage ɓarna daga kaso kaza zuwa kaso kaza bayan wata shida, idan aka kwatanta da buhun da aka saba. Idan amsar wata tambaya ta ƙi rubutuwa a jimla uku, ki dakata nan. Ba rabo ne ya rage miki ba, nazarin ne bai nuna ba tukuna, kuma gara ki gane haka yau a ɗakinki da a ce ranar kare kundi aka gano miki.

Daga nan ki buga jerin sunayen jadawalan nan 31 da zane-zanenki, ki yanka kowane suna daban da almakashi. Ki ɗauki kowane yanki ki tambayi kanki abu guda: idan na cire wannan jadawalin, amsar wace tambaya ce za ta rasa ƙafar tsayuwa? Inda ƙafar ta karye, nan ne gidansa, sai ki ɗora shi a kan takardar. Ba wai wace tambaya yake da alaƙa da ita ba, don duk abin da ke kundinki yana da alaƙa da wake. Wace amsa ce take jingine da shi.

Ban ga jadawalanki ba, amma bari mu ƙaddara yadda rabon zai iya fita, don ki ga abin da ake yi da kowane tuli. A ce 11 sun tafi tambaya ta farko, 9 ta biyu, 5 ta uku. Ashirin da biyar ke nan, ba su da gardama. Shidan da suka rage a hannunki su ne aikin, kuma su nake so mu zauna a kai.

Uku daga ciki, a ce, bayanin mutanen da kika yi hira da su ne: shekaru, maza nawa mata nawa, girman gona, yawan iyali, mutum nawa daga yankin Tasawa, nawa daga Madarumfa ko Gidan Rumji. Waɗannan ba su amsa kowace tambaya, suna dai gabatar da waɗanda suka ba ki amsa. Wurinsu ƙarshen babin hanyoyin bincike, inda kika bayyana yadda kika zaɓi manoman. Wasu malamai sun fi son a sa su a farkon babin sakamako na farko, wannan ma babu laifi. Abin da ba a so shi ne a kwafe su a farkon kowane babi. Sai ki kula da bambanci ɗaya mai siriri. Jadawalin da ya ce mata kaso kaza ne cikin manoman 240, gabatarwa ne. Jadawalin da ya kwatanta yawan masu amfani da buhun tsakanin mata da maza kuwa sakamako ne, na tambaya ta farko ne. Kalmominsu iri ɗaya, aikinsu daban.

Biyu kuma, a ce, tambayoyi biyu ne ke jayayya a kansu. Na san ɗaya tun ban gani ba: jadawalin yawan ƙwayoyin wake masu huda da raguwar nauyi bayan wata shida. Shi ne zuciyar tambaya ta biyu, kuma lissafin riba ba zai yiwu ba sai da shi. Gidansa ɗaya ne, babin ɓarnar ƙwari, inda za ki baje shi cikakke: kowace hanyar ajiya, kowane wata, yawan buhunan da aka auna, da gwajin ƙididdigar da ya nuna bambancin ba na katari ba ne. Babin riba zai ari lamba biyu kacal daga cikinsa, asarar nauyi a buhun ninki uku da asarar nauyi a buhun da aka saba, ya kuma faɗi daga wane jadawali ya aro su. Kada ki sake buga shi gaba ɗaya. Dalilin ba ƙarancin takarda ba ne. Duk lambar da ke zaune wuri biyu, wata rana za ki gyara ɗaya ki manta da ɗaya. Na taɓa karanta kundin da asarar nauyi ta fito da ƙima ɗaya a babi na biyar, ta fito da wata a babi na shida, don ɗalibin ya cire buhu biyu da ɓera ya huda ya sake lissafi, bai koma ɗaya babin ba. Aikinsa mai kyau ne ƙwarai, amma rabin lokacin tambayoyi a kan wannan saɓanin ya ƙare, abin ya yi mini ciwo sosai.

Wannan aron kuma shi ne zai tsara miki jerin babi. Babin da ke bayarwa yana zuwa kafin babin da ke karɓa. Ke kin yi sa'a, tambayoyinki a jere suke yadda ya kamata, ɓarna kafin riba. Da a ce riba ce tambaya ta biyu, da na ce ki juya su, ki kuma koma gabatarwa ki juya lambobinsu a can, don mai karatu kada ya gamu da lambar da sai nan da shafi talatin zai san asalinta.

Saura guda ɗaya, maraya, wanda ba wata amsa da ta jingina da shi. A ce irin waken da manoma suka fi shukawa ne, ko ruwan saman da aka samu a shekarun da kika yi aikin. Kin sha rana kafin ki same shi, na sani, kuma zai yi miki wuya ki rabu da shi. Ki mayar da shi rataye a ƙarshen kundi. Amma idan marayun sun kai biyar ko shida, kuma duk magana ɗaya suke yi, misali yadda mata ke da ikon waken da ke rumbu da kuɗin da ake samu daga gare shi, to wata tambaya ce ta huɗu binciken ya haifa ba ki rubuta ta ba. Wannan ba ke kaɗai za ki yanke ba. Ki kai wa malaminki, ku duba ko a ƙara ta a gabatarwa ta zama babi, ko a ajiye ta ta zama maƙala bayan kin gama.

Idan tulin uku sun tsaya, ki ƙirga shafukansu. A misalinmu, a ce bayanin manoma da marayan sun ɗauke shafi 8, saura 88, suka rabu 38 da 32 da 18. Wannan rashin daidaito ba aibi ba ne. Lissafin riba a taƙaice yake fita, don ya gaji lambobinsa daga babin da ya gabace shi. Kada ki cusa masa ciko don ya kamo ƴan'uwansa. Inda abin damuwa yake shi ne a ce tuli ɗaya ya fito shafi biyar da jadawali ɗaya. Wannan ba babi ba ne, reshe ne na wata tambayar, sai a haɗe shi da maƙwabcinsa a yi babi biyu maimakon uku. Haka kuma idan tuli ɗaya ya cinye shafi 60, ki sake karanta tambayarsa, akwai yiwuwar biyu ce aka ɗaure da "kuma". Taki ta farko ma tana da wannan siffar: su wa ke amfani, kuma me ke hana sauran. A ganina za su zauna a babi ɗaya, sashe biyu, don mutane ɗaya ne da takardar hira ɗaya, amma ki tabbata kowane rabi ya samu amsarsa a fili.

Yanzu cikin babin kansa. Yankakken sashe ba ya zama babi don kawai an ɗora masa lamba. Ki buɗe shi da sakin layi ɗaya mai ɗauke da tambayar, da hasashen da kika yi a kanta idan kin yi, da abin da babin baya ya bari wanda ya sa ake wannan tambayar. Sai ɗan gajeren bayanin hanyar da ta keɓanta da wannan babin. A nan ɗalibai kan rikice, don suna da babin hanyoyi tun da farko. Ma'aunin da nake bi shi ne: abin da babi biyu ko uku suka yi tarayya a kansa, kamar yankin bincike, zaɓen ƙauyuka da takardar hira, yana babin hanyoyi. Abin da babi ɗaya kaɗai ke amfani da shi kuma mai karatu ba zai fahimci jadawalin ba sai yana tune da shi, kamar yadda kika ɗibi samfuri daga buhu kika ƙirga masu huda, ko yadda kika raba kuɗin buhu a kan shekarun da ake maimaita shi, ko dai ki kawo shi nan gaba ɗaya, ko ki bar shi can ki tuna shi a layi huɗu a nan. Ki zaɓi ɗaya ki bi shi a duka babi ukun.

Akwai jimla ɗaya da ba na yafewa a farkon kowane babi: mutum nawa ko buhu nawa lambobin wannan babin suka tsaya a kai. Lokacin da komai ke babi ɗaya, 240 ɗin nan yana saman shafi, kowa na tafe da shi a ka. Da an raba, adadin yakan canja ba a sanar ba. Tambaya ta farko ta shafi duka 240. Ta biyu ba mutane take ƙirgawa ba, buhunan gwaji ne. Ta uku kuwa ta shafi waɗanda suka ajiye suka sayar daga baya ne kawai, wataƙila 90 cikinsu. Idan kin rubuta kashi 60 cikin ɗari sun ci riba ba ki ce cikin 90 ba, mai karatu zai ɗauka mutum 144 ne, alhali 54 ne.

Bayan sakamako sai tattaunawar wannan tambayar a nan take, tun lambobin na da ɗumi. Wannan ita ce babbar ribar rabon. Misali, buhun nan leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa, kuma aikinsa shi ne toshe iska: ƙwarin da ke ciki su shaƙe iskar da ta rage, ci da hayayyafa su tsaya. Idan wasu buhunanki sun nuna ɓarna fiye da sauran, bayanin ɗaurin baki, huda, da yawan buɗewa a babin ɓarna zai zauna, tare da kwatanta sakamakonki da na waɗanda suka riga ki, kuma ba su da nisa da ke, tunda an yi aiki mai yawa a kan buhun nan a cibiyar binciken noma ta ƙasa da ke nan Maradi. Ki rufe babin da jimlolin nan biyu ko uku da kika rubuta a saman takarda, waɗanda suka zama amsa.

To me ya rage wa babin tattaunawa na gaba ɗaya? Idan kin maimaita tattaunawa uku a cikinsa, kin ɓata shi. Abin da ke shiga nan shi ne abin da babi ɗaya ba zai iya faɗa shi kaɗai ba. A ce babi na biyar ya nuna buhun na kare wake, na shida ya nuna ajiya na biya, amma na huɗu ya nuna da yawa ba sa ajiyewa domin bashi da hidimar gida na tilasta musu sayarwa da kaka, lokacin da tiya ke arha. Haɗa waɗannan ukun shi ke nuna inda matsalar take: ba a buhun ba, a aljihun manomi ne a watan girbi. Wannan magana ba ta da gida a ko ɗaya cikin babi ukun, kuma ita ce za a riƙa tuna kundinki da ita. Shafi goma zuwa goma sha biyar sun ishe ta.

Kafin ki fara yanka, ki nemi takardar ƙa'idar rubuta kundi ta makarantar dokta taku ki karanta, ki kuma leƙa kundi biyu ko uku da aka kare kwanan nan a sashenku. Wani wurin ana son sakamako daban, tattaunawa daban. Idan haka ne naku, rabon bisa tambaya yana nan, sai dai tattaunawar ta koma babi ɗaya mai sashe uku a jere da tambayoyin. Ga ƙannenki masu rubuta kundin mastar kuwa, wanda sakamakonsa duka bai wuce shafi 20 ko 25 ba, ba na ba su shawarar raba babi. Manyan kanun sashe uku a babi ɗaya sun wadatar.

Sai yanzu za ki kunna kwamfuta. Ki fara ajiye kwafin kundin yadda yake, da kwanan wata a sunan fayil ɗin, ki sa wani kwafin a wani wuri daban. Idan da Word na Faransanci kike aiki, ki tabbata kan kowane babi yana da salon `Titre 1`, sassa kuma `Titre 2` da `Titre 3`. Da wannan, idan kin buɗe `Volet de navigation` za ki iya jan kan sashe da linzami ki kai shi sabon wurinsa, duk rubutun da ke ƙarƙashinsa ya bi shi. Ya fi kwafa da mannawa aminci.

Lambobin jadawali su ne za su fi cin lokacinki. Wanda yake 4.17 yau, gobe zai iya zama 5.3. Idan da `Insérer une légende` kika sa sunayen, kuma da `Renvoi` kika ambace su a cikin rubutu, sai ki danna `Ctrl+A` sannan `F9`, lambobin su gyara kansu, har da jerin jadawalai na farkon kundi. Bayan haka ki nemi kalmar `Erreur` da `Ctrl+F`, domin duk inda kika goge jadawali aka bar ambatonsa, wannan zai fito:

```
Erreur ! Source du renvoi introuvable.
```

Idan kuwa da hannu kika buga lambobin, kada ki fara canja su kai tsaye, don sabuwar 4.5 da tsohuwar 4.5 za su cakuɗe miki. Ki rubuta tsohuwar lamba da sabuwa gefe da gefe a takarda, duka 31, sannan ki bi ɗaya bayan ɗaya kina sa alama. Ni da a ce nawa ne, da na yi amfani da wannan damar na mayar da su duka masu gyara kansu, domin bayan masu tantance kundi sun karanta za ki sake motsa wasu.

Akwai kuma abin da na'ura ba za ta kama miki ba: ƙananan kalmomin nuni. "Kamar yadda muka gani a sama", "jadawalin da ya gabata", "waɗannan manoman". A tsohon babin suna nuna abin da ke kusa, yanzu abin ya ƙaura wani babi. Ki nemo su ki maye su da lambar sashe ko ta jadawali. Ki koma gabatarwa ki gyara sakin layin da ke bayyana tsarin kundi, don har yanzu yana cewa babi biyar ne alhali sun zama bakwai, ki gyara taƙaitawa da kammalawa su bi sabon jeri. Idan kin gama, ki buga babi na shida shi kaɗai ki ba wata abokiyar karatunki da ba ta taɓa ganin aikin ba, ki roƙe ta ta faɗa miki tambayar babin, da amsarsa, da yawan manoman da aka yi lissafin a kansu. Duk wanda ta kasa samu cikin ukun, ki sa alama a gefen shafi, shi za ki fara gyarawa kafin ki kai wa malaminki.